Shamfun feshi da jel sun taru min a kai, sau nawa ake wanki da shamfu mai ƙarfi?

Ummi:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu gyaran gashi da duk wacce ta san kan abin ku taimaka min. Gashina na rilaksa ne kuma fatar kaina mai maiƙo ce sosai, in na wanke yau jibi gaban kan ya fara naso kamar na zuba mai, shi yasa nake amfani da shamfun feshi ɗin nan da ake cewa dirai shamfu, kusan kullum da safe sai na fesa, sannan in kwantar da gashin goshi da jel mai kaki, in shafa siram saboda sheƙi. Wanki kuma duk bayan sati biyu nake yi da shamfu marar salfet tunda ance shi ne ba ya cinye gashi. To yanzu abin ya canza min, kan ƙaiƙayi yake kamar me, in na sosa sai wani abu toka-toka mai danƙo ya cika min farce, gashin ya dushe ya yi nauyi, ko na wanke ma kamar ban wanke ba, ga ƙananan ƙuraje sun fito min ta wajen goshi da ƙeya. Wata ta ce in sayi kilarifayin shamfu, wai shi ne mai ƙarfin nan da ke cire duk abin da ya taru a kai. Tambayata sau nawa ake wanki da shi, duk sati ne ko duk wata? Tsoro nake kar ya kakkarya min gashi.

Zee:
Ni ma gashina busasshe ne wlh, dirai shamfu ɗin na masu busasshen gashi ne ko? in haka ne ai ba laifinsa bane, ki ƙara mai kawai

Maman Hanif:
A'a Zee ba shi bane, wannan na gwangwani ne fesawa ake ba a sa ruwa. Ummi ke dai datti ne ya taru miki, kar ki wahalar da kanki da siyan wani shamfu, ki samu bekin soda cokali ɗaya ki dama a ruwa ki wanke kan da shi, ki ɗauraye da binega, duk sati, tas za ki ga ya fita. Ni haka nake yi.

Zee:
Au to ashe ban gane ba, bari in zauna in saurara

Anti Rabi:
Wa alaikumus salam Ummi. Ni aikina kenan gyaran gashi, kuma irin kanki ina ganinsa a gabana ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Kafin mu zo maganar sau nawa, bari in gaya miki abin da ke kan naki, don in kin gane shi amsar ma da kanki za ki ba kanki.

Shamfun feshin nan ba ya wanke komai. Abin da ke cikin gwangwanin gari ne mai laushi, yawanci sitaci na shinkafa ko na masara, da alkohol da gas ɗin da ke turo shi waje. In kin fesa gas da alkohol su tashi su bar garin, garin ya tsotse maiƙon, gashin ya daina naso ki ga kamar kin yi wanki. Amma maiƙon yana nan bai je ko'ina ba, ya dai shige cikin garin ne, duk suna zaune a gindin gashinki. Gobe ki ƙara fesawa a kan na jiya, jibi a kan na gobe, ga zufa ga matacciyar fata da kowa yake zubarwa, ga jel ɗinki mai kaki yana haɗe su wuri guda. Wannan toka-tokan da kike kankarowa da farce shi ne. Sai kuma siram, yawancinsu silikon ne, shi kuma ruwa kaɗai ba ya ɗauke shi, yana lulluɓe silin gashi ne, kaɗan ɗinsa yana da kyau sosai musamman ga mai rilaksa, amma in ya hau kan juna shi ne gashin zai yi nauyi ya dushe, ki sa kwandishana ya ƙi shiga.

To ki duba, kina zuba abu uku kullum, kina cirewa sau ɗaya a sati biyu da shamfu mai sanyin hannu. Shiga ya fi fita yawa. Matsalarki ta farko ba rashin shamfu mai ƙarfi bane, tazarar wankin ce ta yi miki yawa.

Ummi:
Anti to ai ance yawan wanki yana lalata gashin rilaksa shi yasa nake ja da baya

Anti Rabi:
Wanki sau ɗaya a sati ba yawan wanki bane ƙanwata, balle ga mai fatar kai irin taki. Abin da ke lalata gashin rilaksa shi ne cuɗa shi da ƙarfi yana jiƙe, da zafin diraya da ƙarfen miƙarwa, da rashin kwandishana. Ita shawarar a ja wanki sati biyu ta masu busasshiyar fatar kai ce waɗanda ba sa zuba komai, ke ba layinku ɗaya ba.

Jidda:
Ni dai ina jan kunne akan kilarifayin ɗin nan. Gashina na halitta ne ban taɓa sa rilaksa ba, mai murɗewa sosai, na gwada shi na wanke sau ɗaya gashin ya koma kamar soso, ya cukurkuɗe mataji ya ƙi wucewa, abin da ya karye ranar Allah kaɗai ya sani. Tun daga nan na koma wanki da kwandishana zalla kuma lafiya lau nake. Ummi ki yi hattara.

Anti Rabi:
Jidda gaskiyarki abin da ya same ki yana faruwa, amma bari in tambaye ki, kin warware gashin kin raba shi kafin ki sa ruwa? kuma me kika sa bayan wankin?

Jidda:
Daga tsifa na shiga wanki kai tsaye, bayan nan na sa kwandishana na ɗauraye

Anti Rabi:
To kinga inda gizo ke saƙar. Kitson da ya daɗe a kai, duk gashin da ya kamata ya zube kullum yana maƙale a ciki, mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana ko lafiyarsa ƙalau, ki lissafa na sati huɗu ko shida. Ga kuma dattin da ke dunƙulewa a gindin kowace kalba. In ruwa da shamfu mai ƙarfi suka taɓa shi kafin a taje wancan ya fita, dole ya ɗaure. Da kin shafa mai ko kwandishana kin warware da yatsa tukuna, kin raba gida huɗu kin wanke ɗaya bayan ɗaya, da ba haka labarin zai zama ba. Ban ce miki ba ya busar da gashi ba fa, yana busarwa, aikinsa kenan ya kwashe duk wani maiƙo har da mai amfanin. Shi yasa irin gashinki sau ɗaya a wata ko duk lokacin tsifa ya ishe shi.

Jidda:
Hmm. Ni dai har yanzu ban ga abin da zai maida ni ba, tunda ba na sa jel ba na sa silikon me zan cire

Anti Rabi:
In da gaske ba kya sa su kuma kanki ba ya ƙaiƙayi, ba zan matsa miki ba. Amma kwandishana shi ma yana barin nasa a gashi, an yi shi ne don ya manne, ba don ya fita ba. Ranar da kika ga gashin ya fara yauƙi ko ya daina murɗewa yadda ya saba ki tuna da maganata.

Nura:
A yi haƙuri na shigo zancen mata. Ni gashina gajere ne amma ina sa man gyaran gashi mai kauri irin mai basilin da kakin zuma ɗin nan saboda ya kwanta, kuma kullum nake wanke kai da sabulun wanka, amma duk da haka matashina baƙi yake yi da maiƙo kuma ƙeyata duk ƙuraje. Ni da nake wanki kullum me ya taru kuma?

Anti Rabi:
Malam Nura ai zancen na kowa ne. Basilin da kaki ba sa jin ruwa, in ka jiƙa kai tukuna ruwan ma shi ke hana kumfar kaiwa gare su, sai ta zame ta wuce. Ka gwada haka, ka shafa shamfu a busasshen gashin kafin ruwa ya taɓa shi, ka murza sosai ya haɗu da man, sannan ka ɗan yayyafa ruwan ɗumi ka ci gaba da murzawa, ka ɗauraye ka sake na biyu. Sabulun wanka kuma ka bar shi ga jiki. In za ka iya ka koma man gyaran da ruwa ke narkarwa, za ka ga an rubuta ruwa a farkon jerin kayan haɗinsa a bayan roba. Ƙurajen ƙeya kuwa in kana aski kana kankarewa sosai to ba lallai man bane kaɗai, wannan a duba maka.

Maman Hanif:
Anti Rabi baki ce komai akan bekin soda ba, ni shekara da shekaru ina yi kuma fes kaina yake fita, ba sai an kashe kuɗi ba

Sista Hadiza:
Bari in shigo nan Maman Hanif, ni ɓangaren lafiya nake aiki. Gaskiya ne yana sa kai ya yi fes, ba wanda zai musa miki. Matsalar ita ce fatar kai da gashi suna son abu mai ɗan tsami-tsami, a ma'aunin da ake auna wannan suna wajen 5 da rabi, shi kuma bekin soda ya haura 8. Abu irin haka yana buɗe ɓawon da ke jikin silin gashi ya bar shi a buɗe, ya yi kaushi ya riƙa karyewa a hankali, ba rana ɗaya za ki gani ba. Gashin Ummi kuma rilaksa ta riga ta raunana shi, ga ƙuraje a kan, ki zuba masa wannan ki bi da binega, zafi kawai za ta sha. Shi binega in an surka shi da ruwa sosai yana sa gashi santsi, amma ba ya narkar da kaki ko silikon.

Maman Hanif:
To ni dai bai karya min ba. Amma na yarda tunda akwai ƙuraje kar ta sa

Sista Hadiza:
Ummi abin da ni ya fi damuna a bayaninki shi ne ƙaiƙayin, don ba kowane ƙaiƙayi da ɓarɓashi bane tarin kaya. Akwai amosani, shi kuma wata ƙwayar halitta ce dangin yis da ke zaune a fatar kan kowa, abincinta maiƙon da kai ke fitarwa. In an bar maiƙo ya daɗe a kai, kamar yadda shamfun feshi ke sa mutum ya yi ta ɗaga wanki, sai ta samu wajen zama ta yawaita, fatar ta fusata ta fara saɓa. To su biyun suna iya haɗuwa a kai ɗaya kuma daga ido kama suke.

Yadda za ki ɗan bambance, tarin kaya in an yi masa wankin kirki ya tafi kenan, ba ya dawowa sai kin sake zuba kayan. Amosani kuwa ki wanke tas yau, bayan kwana biyu uku ya dawo ko ba ki sa komai ba, wani lokacin ɓarɓashin ɗorawa-ɗorawa mai maiƙo, fatar ta yi ja ko ta yi haske-haske, har ki gan shi a gira da gefen hanci da bayan kunne. In haka ne shamfu mai ƙarfi ba zai yi maganinsa ba ko kullum za ki yi, sai mai magani a ciki irin ketokonazol, ana yin sa sau biyu a sati na sati biyu zuwa huɗu, kuma a bar kumfar a kai minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye, yawanci nan mutane ke kuskure su sa su wanke nan take su ce ba ya aiki.

Ƙurajen kuma in ƙanana ne ba zafi, bari mu ga ko za su kwanta in kan ya samu iska. In suna zafi, ko suna ruwa ko mugunya, ko kika ga gashi yana fita a wajen ya bar fili, kar ki tsaya gwaje-gwaje ki je a duba ki.

Ummi:
Sista ba sa ruwa, kuma ban ga komai a gira ko hanci ba. Anti Rabi to yanzu ya zan yi, daga ina zan fara

Anti Rabi:
Yauwa. Da farko ki ajiye gwangwanin nan da jel ɗin na sati biyu cur, don mu ga fatar kanki ita kaɗai me take yi, kinga nan ne maganar Sista za ta fito fili in amosani ne.

Shamfun da za ki nema ki juya bayan kwalbar, wanda ke da salfet a cikin abu biyu ukun farko, ko wanda ake kira olefin salfonet, wannan ba salfet bane a suna amma ƙarfinsa bai gaza ba, shi yasa wasu kwalaben da aka rubuta marar salfet suke busar da gashi ƙwarai mutane su yi ta mamaki. Yawanci za ki gan shi garai-garai kamar ruwa, ba mai kauri fari irin na kirim ba.

Ranar wankin ki taje gashin a bushe tukuna a hankali, garin da zai zube ya zube. Ki jiƙa da ruwan ɗumi ba mai zafi ba, ki daɗe kina jiƙawa kamar minti biyu, don gashin da kaki ya lulluɓe ruwa zamewa yake a kansa ki ɗauka ya jiƙe alhali ciki a bushe yake. Ki zuba shamfun kamar ƙaramin cokali ɗaya a tafin hannu ki ɗan surka da ruwa, ki tsaga gashin ki sa a fatar kai, layi-layi, musamman goshi da tsakiyar kai da ƙeya inda kike fesawa. Da tsokar yatsa za ki murza banda farce. Kar ki tattara gashin a tsakiyar kai kina cuɗawa, kumfar da ke gangarowa ta ishi jelar.

Wankin farko ba za ki ga kumfa ba, kar ki ce shamfun jabu ne ki ƙara zubawa, maiƙon ne ke kashe ta. Ki ɗauraye ki sake. A na biyun za ki ga kumfa ta tashi sosai da ɗan kaɗan, wannan ita ce alamar kan ya fita. Ki bar ta minti ɗaya ko biyu ki ɗauraye sosai. In har na biyun ma bai yi kumfa ba ki yi na uku a wajen goshin kawai inda kakin yake, ba duka kan ba.

Daga nan kwandishana mai kauri daga tsakiyar gashi zuwa jela, kar ya taɓa fatar kai, ki rufe da hular leda minti 15 zuwa 20. Wannan ba zaɓi bane, wacce ba ta da lokacinsa ta bari sai ranar da take da shi.

Sai tambayarki. Ke yadda kike, wanki duk sati da shamfunki na kullum, mai ƙarfin kuma sau ɗaya cikin wanki uku, wato kusan duk sati uku. In kin koma fesawa da jel sosai ki matso da shi duk sati biyu. In kin rage su, sau ɗaya a wata ya isa. Kuma dan Allah kar ki yi shi ana saura kwana biyu uku ki sa rilaksa, ki bar aƙalla sati a tsakani, fatar da aka kwashe wa maiƙo aka murza in rilaksa ta hau ta ƙonewa za ta yi. Da ƙurajen nan ma a kanki kar ki sa rilaksa sam sai sun warke.

Maman Hanif:
Ni a ganina duk sati ya fi, tunda kullum take fesawa me za a jira har sati uku

Anti Rabi:
Akwai wacce duk sati ya dace da ita Maman Hanif, mai gashi sirara mai santsi wanda ba a taɓa sa masa sinadari ba, ga maiƙo ga feshi kullum, ita za ta ɗauka. Ummi rilaksa gare ta. Kuma gashin da kansa yana faɗa in an wuce gona da iri, za ki ji yana ƙara ƙiii a yatsa lokacin ɗauraya, in ya bushe ya yi kaushi ya tashi tsaye, fatar kai ta ɗaure kamar an ja ta, ki ga gutsattsarin gashi gajeru a kafaɗa in kin taje. Kin ga haka ki ƙara sati ɗaya ko biyu a tazarar. In kuma kika ga kin wanke ya bushe amma gindin yana nan da danƙo, ko kin zuba ruwa yana gangarewa, to lokaci ya yi ko da kwanan bai cika ba.

Bilkisu:
Ni nawa daban ne, ba na fesa komai, jel ma sai in zan fita wani waje, amma tunda muka canza gida gashina ya yi tauri ya dushe, na sayi mai ƙarfin na wanke har yanzu shiru. Ga rinin da na yi ja ya koɗe. Me ke faruwa

Sista Hadiza:
Bilkisu duba bakin famfonku ko cikin abin da kuke dafa ruwa, akwai wani farin abu da ke daskarewa? sabulu yana kumfa da ruwan?

Bilkisu:
Akwai wlh, fari kamar alli, kuma sabulu da ƙyar yake kumfa

Sista Hadiza:
To naki ruwan ne, yana da sinadarin kalsiyam da maganiziyam da yawa, su ne ke kwanciya a gashi. Shamfun cire maiƙo ba lallai ya ɗauke su ba don su ba maiƙo bane. Akwai wanda aka yi musamman don irin ruwan nan, masu iyo ma suna amfani da shi, a jikinsa za ki ga an ambaci ruwa mai nauyi ko cire ma'adanai. Wasu kwalaben suna haɗa aikin biyu wasu a'a, sai kin karanta.

Anti Rabi:
Koɗewar rinin kuma shamfun ya taimaka, jan rini dama shi ya fi saurin fita. Mai rini in za ta yi irin wankin nan ta yi kafin rinin da 'yan kwanaki, bayan rini ta ba shi sati biyu ko fiye kuma ta tsaya a fatar kai.

Zee:
Ni tambayata wai da gaske feshin nan yana sa sanƙo? na gani ana ta faɗa wai yana toshe ramin gashi ya mutu

Maman Hanif:
Sosai ma, wata da na sani gaban kanta duk ya tafi

Sista Hadiza:
A'a mu bi a hankali. Gari ba ya kashe tushen gashi don ya zauna a bakin ramin, gashi daga can ƙasa yake tsirowa. Abin da ke iya faruwa shi ne fatar ta kumbura ko ramukan su kamu su yi ƙuraje, mutum ya yi ta susa, gashin da alkohol da gari suka busar ya riƙa karyewa daga gindi. Sannan wacce ta daɗe ba ta yi wanki ba ranar da ta yi sai ta ga na kwanaki da yawa ya fita lokaci guda ta tsorata. Wacce kika sani ɗin nan Maman Hanif, gaban kai in ya tafi ni abin da zan fara tambaya shi ne kitso mai tsauri da ɗaurin gashi da buroshin da ake kwantar da goshi da shi kullum.

Anti Rabi:
Nan kam Sista ni ban sake jiki da shi kamar ke ba. Na ga kawunan da ba kitso ba ɗauri, feshi ne kawai wata da watanni, kuma tsakiyar kan ya yi shara-shara, da suka bari ya ciko. Ko karyewa ce ko zubewa ni ba likita bace, amma idona ya gani.

Sista Hadiza:
Ban ƙaryata idonki ba Anti, cikowar ma ai tana nuna tushen bai mutu ba. Amma mai ganin gashinta yana raguwa kar ta ɗora wa gwangwani laifi ta zauna, ƙarancin jini da haihuwa da ciwon maƙoƙo duk suna zubar da gashi.

Nura:
Ba shamfun feshin nan ne aka taɓa cewa yana da sinadarin da ke kawo cutar kansa ba?

Sista Hadiza:
A 2022 an janye wasu nau'o'in na gwangwani daga kasuwa a Amurka saboda an samu benzin a ciki, wani sinadari da ke iya kawo cutar kansa, kuma daga gas ɗin da ke turo feshin ya fito ba daga garin ba. Ba duka bane, amma ko ba wannan ba kar a fesa a rufaffen banɗaki ana shaƙa, kuma nesa da wuta don gas ɗin yana kamawa. Akwai na gari zalla da ake barbaɗawa ba gas, sai dai wajen taruwa a kai duk ɗaya suke.

Ummi:
To Anti bayan sati biyun in koma masa ko in haƙura gaba ɗaya? don gaskiya ranar da zan fita da sassafe yana rufa min asiri

Anti Rabi:
Ki koma, ba haramta shi na yi ba. Ki fesa shi kwana ɗaya ko biyu kawai tsakanin wanki da wanki, kar ya wuce haka, in kin kai ga na uku to kan wanki yake nema. Ki girgiza gwangwanin, ki nisanta shi da kai kamar santimita 20 zuwa 30, ki tsaga ki fesa fis fis a inda maiƙon yake kawai, ki jira minti biyu ya sha, ki murza da yatsa sannan ki taje shi ya fita. Yawancin mutane a kusa suke fesawa ya jiƙa fatar ya daskare, kuma ba sa tajewa. Kar ki fesa a kan zufa, ki bari kan ya bushe, kuma kar ya haɗu da jel a waje ɗaya don nan ne yake zama kamar kwaɓin siminti. Jel ɗin goshi kuma da daddare ki goge shi da tsumma mai ɗumi kafin gobe ki sa sabo. Siram ɗigo biyu a jela ya isa, ba ruwansa da gindin gashi.

Jidda:
Masu kitso ko wig fa, ina ganin wasu suna fesa shi a tsagar kitso wai saboda wari

Anti Rabi:
Wannan ya fi kowanne muni Jidda don ba halin tajewa, duk abin da aka fesa yana nan har ranar tsifa. Gara a surka shamfu da ruwa a roba mai tsinin baki a bi tsagar a wanke, a tabbatar ya bushe sosai.

Ummi:
Na dawo da rahoto. Na yi yadda Anti ta ce, wankin farko ko alamar kumfa babu ruwan da ya sauko kuwa ba kyan gani, na biyu ta tashi. Gashin ya yi sakayau har iska nake ji a fatar kaina, ƙurajen goshi sun fara kwanciya. Sai dai jelar ta ɗan yi kaushi duk da na sa kwandishana, kuma yau kwana huɗu ƙaiƙayin ya ɗan dawo ta tsakiyar kai da ɗan ɓarɓashi fari, ban fesa komai ba wlh.

Anti Rabi:
Kaushin jela ki sa kwandishanan da ba a wankewa, wanki na gaba kuma ki shafa wa jelar mai kafin ki fara. Ɓarɓashin zai iya zama bushewa ce daga wankin, ni zan ce ki jira wanki ɗaya da shamfunki mai sanyi mu gani.

Sista Hadiza:
Ni kuma dawowarsa a kwana huɗu ba ki sa komai ba, a fata mai maiƙo, ya fi min kama da amosani. Ɓarɓashin in kin murza shi a yatsa garin busasshe ne ko yana da maiƙo?

Ummi:
Tsakani yake Sista, bari gobe da safe in duba da haske sosai in ɗauko hoto in turo muku